Na tura wa dillalai gayyata da ranar da ba ita ba

Assalamu alaikum Anti. Ina aikin sakatariya a wani kamfanin sayar da iri da takin zamani a Bompai, nan Kano. Jiya da yamma na tura wa dillalanmu 34 imel na gayyatar taron da muke yi da su kafin faɗuwar damina. Na rubuta Laraba 14 ga Mayu, alhali taron ranar Alhamis 15 ne. Na sa manajanmu da akanta a Cc, na kuma liƙa takardar gayyata, ita ma da wannan kuskuren a jikinta. Sai yau da safe na lura, bayan mutum 9 sun riga sun amsa cewa za su zo. Akwai masu tasowa daga Katsina da Zariya da Dutse da Maigatari. Manaja bai gani ba tukuna. Wata abokiyar aikina ta ce in janye saƙon ta kwamfuta, wani kuma ya ce in sake tura gayyatar da ranar daidai in ja bakina in yi shiru. Ni dai na rubuta doguwar takardar ban haƙuri, amma na kasa turawa. Wata huɗu ke nan da na fara aikin, ba na son a ce ban iya ba. Yaya zan gyara ba tare da abin ya zama abin magana ba?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Yau za ki tura gyaran, kafin a tashi daga aiki, kuma gajere za ki yi shi. Amma akwai abu biyu da za ki yi kafin ki tura komai, su ne za su hana ki yin aikin sau biyu.

Ki fara da tabbatar da gaskiyar ranar daga tushe. Kada ki dogara da abin da kike tunawa. Ki ɗauko rasidin da aka ba ku lokacin da aka kama ɗakin taron, ko ki kira masu wurin su karanta miki abin da ke cikin littafinsu. Daga nan ki buɗe imel ɗin jiya ki bi shi layi-layi: ƙarfe nawa kika rubuta, wane wuri, wace lambar waya, har da abin da ke cikin takardar da kika liƙa. Wanda ya yi kuskure ɗaya cikin gaggawa, sau da yawa akwai na biyu a kusa da shi, domin gaggawar guda ce. Mutane suna karɓar gyara na farko da zuciya ɗaya. Idan kika tura gyaran gyara kuwa, daga nan ba wanda zai ƙara yarda da rubutunki sai ya kira ya tambaya, kuma wannan ne ainihin abin da kike gudu.

Ki lura da wani abu game da irin kuskuren da kika yi. Da Laraba 15 ga wata kika rubuta, da tuni wani ya duba kalanda ya ga ranar da kwanan watan ba su dace ba, ya kira ki. Amma 14 ga watan Laraba ce da gaske, don haka saƙon naki ba ya nuna alamar matsala ko kaɗan. Duk wanda ya karanta ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ba wanda zai gano da kansa, ba kuma wanda zai gyara miki. Shi ya sa na ce yau. Kowace awa da ta wuce, wani yana shirya wanda zai tsare masa shago, wani yana ɗage wata tafiyar, wani kuma yana gaya wa abokinsa su haɗu su shiga mota ɗaya.

Na biyu, ki tashi ki je wajen manaja da ƙafarki, da daftarin gyaran a hannunki. Maganar ba ta wuce haka ba: “Ranka ya daɗe, a gayyatar da na tura jiya na rubuta Laraba maimakon Alhamis. Ni na yi kuskuren. Ga gyaran da nake son turawa yanzu, zan kuma kira waɗanda suka riga suka amsa.” Ki tsaya a nan, ki bar shi ya yi magana. Idan ba ya ofis, ki kira shi, kada ki jira sai ya dawo gobe.

Na san wannan ne ya fi yi miki nauyi, amma akwai dalilai na aiki a ciki ban da na ladabi. Yana cikin Cc, don haka ko ba jima ko ba daɗe zai gani, kuma ji daga bakinki da gyara a hannu ya bambanta da ji daga bakin wani Alhaji da ya kira shi yana tambaya. Sannan akwai shawarar da ba taki ba ce. Mutum 9 sun amsa Laraba. Yana iya yiwuwa manaja ya ga cewa idan ɗakin taron ba kowa ranar, mayar da taron Larabar ya fi sauƙi a kan juya mutum 34. Mai yiwuwa kuma ya ce a'a, an riga an biya masu abinci, an kuma sanar da baƙon da zai yi bayani. Ko wanne ya zaɓa, ki ji kafin ki tura, domin idan kika aika gyara shi kuma ya sauya ranar bayan nan, kin koma ga gyaran gyara.

Yanzu ga shawarar abokan aikinki. Dukansu alheri suke nufin yi miki, amma ba wadda za ta yi aiki a cikin biyun.

Janye saƙo ba zai yiwu ba. Idan Gmail kuke amfani da shi, abin da ake kira Undo Send daƙiƙa 5 zuwa 30 kawai yake bayarwa bayan kin danna Send, kuma ba janyewa yake yi ba, riƙe saƙon yake yi na ɗan wannan lokacin kafin ya sake shi. Idan Outlook ne, akwai Recall This Message, amma yana aiki ne tsakanin ma'aikatan kamfani ɗaya da ke kan tsarin imel ɗaya na Microsoft. Dillalin da ke da adireshin Gmail ko Yahoo, saƙon ya riga ya zauna a akwatinsa, ba hannun da zai kai can. Wani lokacin ma abin da zai isa gare shi shi ne wani sabon saƙo mai cewa mai aikowa yana son janye na farko, sai ya koma ya karanta na farkon da kyau don ya ga abin da ake son ɓoyewa. Magana zarar bunu ce, imel ma haka yake.

Sake turawa a yi shiru kuwa ya fi haɗari, duk da ya fi kama da dabara. Ki ɗauki kanki a matsayin dillalin da ke zaune a shagonsa a Dawanau, ana sauke masa buhuna, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ga sunanki, ya ga kan saƙo iri ɗaya da na jiya, farkon maganar ma iri ɗaya. Zai ce a ransa an sake turowa ne, ya mayar da wayar aljihu. Gmail ma yakan haɗa saƙonnin da kansu ɗaya ne daga mutum ɗaya a wuri guda, sabon ya shige ƙarƙashin tsohon. Wanda ya buɗe ya karanta kuwa, yanzu yana da gayyata biyu da ranaku biyu, kuma ba abin da ke gaya masa wacce ce daidai. Sai ya kira wani dillalin, shi kuma ya ce ai Laraba ce, ya gani da idonsa. Surutun da kike gudu ta nan yake farawa. Dole gyara ya faɗi sunansa, ya ce shi gyara ne.

To, ga yadda za ki tura. Ki shiga Sent, ki buɗe saƙon jiya, ki danna Reply all, don ya kwaso miki sunayen ba sai kin sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya ba. Ki ƙirga su ki ga dillalai sun cika 34, sannan ga manaja da akanta. Idan akwai waɗanda kika sa a Bcc, kada ki ɗauka sun biyo, ki duba da idonki ki ƙara su. Ƙa'idar ita ce duk wanda ya samu kuskuren ya samu gyaran. Kada ki cire manaja don jin kunya, kada kuma ki ƙara wasu manyan da ba sa cikin na farko don ki nuna kin ɗauki abin da muhimmanci. Ƙara mutane faɗaɗa maganar ne.

Sai ki sauya kan saƙon. A Gmail, a gefen sunayen akwai ɗan kibiya, idan kin danna za ki ga Edit subject. Sauya shi yana sa saƙon ya fito a matsayin sabo maimakon ya lafe a ƙarƙashin tsohon, kuma haka ake so. Ki goge tsohon rubutun da ke biyowa a ƙasa, don kada ranar kuskuren ta sake yawo. Galibin dillalanki a waya za su gani, kuma abin da waya take nunawa kafin a buɗe shi ne sunan mai aikowa da kan saƙon da 'yan kalmomin farko. Saboda haka ki rubuta ta yadda wanda bai buɗe ba ma ya samu labarin. Ga misali:

Subject: GYARA: Taron dillalai ranar ALHAMIS 15 ga Mayu ne, ba Laraba ba

Assalamu alaikum. Taron dillalai ranar Alhamis 15 ga Mayu za a yi shi. A gayyatar da muka aiko jiya an rubuta Laraba 14, wannan kuskure ne daga wajenmu, a yi mana afuwa.

Lokaci da wuri ba su sauya ba: ƙarfe 10 na safe, a ɗakin taron da aka ambata, kuma ga cikakken adireshinsa a takardar da ke liƙe. Wannan takardar ita ce daidai, a yi watsi da ta jiya.

Muna roƙon kowa ya amsa mana da kalma ɗaya, zai samu zuwa ranar Alhamis ko ba zai samu ba, har da waɗanda suka riga suka amsa jiya. Mai tambaya ya kira lambar da ke ƙasa. Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Shi ke nan. A naki, ki rubuta sunan wurin a fili a inda na taƙaita. Idan da Turanci kuka saba rubuta musu, tsarin bai sauya ba, ki fara kan saƙon da CORRECTION ki bi sauran yadda yake.

Bari in tsaya kan abin da ya sa na tsara shi haka, domin gobe wani kuskuren daban ne zai zo, kuma dalilin ne zai yi miki amfani. Gaisuwar ta tsaya a sallama. Mu mutanen Kano mun saba da tambayar gida da iyali da kasuwa kafin a shiga magana, kuma abu ne mai kyau, amma a nan kowace kalmar gaisuwa tana ture labarin daga inda ido zai fara sauka. Ki ajiye doguwar gaisuwar sai kin kira su. Ranar daidai ita ta fara zuwa, da sunan ranar da kwanan wata da sunan watan a rubuce. Ranar kuskuren ta fito a kan saƙon da kuma sau ɗaya a ciki, daidai yadda mutum zai gane abin da zai goge a ransa. Idan kika yi ta maimaita ta, mai karatu cikin sauri yana iya tashi da ita.

An kuma faɗi abin da bai sauya ba. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, alhali shi ne yake rage kiran waya. Da zarar mutum ya ji an sauya rana, tambayar da ke biyowa ita ce ko wurin ma ya sauya, ko lokacin. Ki amsa kafin a tambaya, ta yadda gyaran zai tsaya da ƙafarsa, wanda ya karanta shi kaɗai ba ya bukatar komawa ga na jiya. Takardar gayyatar ma ki gyara ta, ki sa mata sabon suna mai ɗauke da ranar, ki liƙa ta da hannunki, domin Reply all ba ya ɗauko abin da aka liƙa a saƙon baya. Idan kin bar ta da sunan ta jiya, wanda ya sauke duka biyun a wayarsa ba zai bambance su ba. Idan kuma kin aika da gayyata ta kalanda, ki shiga ki gyara waccan ɗin, kada ki ƙirƙiri sabuwa, don kada wayoyinsu su riƙa tuna musu da taro biyu.

Sai doguwar takardarki ta ban haƙuri. Na fahimci abin da ya sa kika rubuta ta, kuma rubuta tan ya nuna kina ɗaukar amanar aikinki da nauyi. Amma kada ki tura ta. Dillalin da ya buɗe saƙon tambaya ɗaya ce a ransa: yaushe zan zo? Duk layin da kika yi kina bayanin yawan aikin da ya sha kanki jiya, ko wutar da aka ɗauke, ko yadda kika kwana ba barci, layi ne da zai tsallake kafin ya kai ga amsarsa. Ban da haka, doguwar ban haƙuri tana ɗora wa mutane aiki. Masu kirki a cikinsu za su ji dole su rarrashe ki, wasu su danna Reply all su ce ba komai, sai kuskuren rana ɗaya ya zama hirar mutum talatin da wani abu. Mutane suna auna girman abu da muryar mai faɗinsa. Idan kin faɗe shi a natse, a natse za a karɓa. Afuwa ɗaya ta gaskiya ta isa, kuma kada ki rage ta da irin maganar nan ta “idan hakan ya kawo wa wani damuwa”, domin kin san ya kawo. Kada kuma ki ambaci sunan kowa, ko da wani ne ya faɗa miki ranar ba daidai ba. Wannan maganar cikin gida ce, tsakaninki da manaja. Ga dillalai kamfani ne yake magana, shi ya sa na rubuta “daga wajenmu”. A gaban manaja kuwa “ni na yi” za ki ce, ba “an yi” ba.

Idan kin danna Send, rabin aikin kika yi. A nan ne na fi son ki ba ni hankalinki, domin a nan ake faɗuwa. Tura gyara daban, isar gyara daban. Kin fi ni sanin mutanenki: akwai wanda ɗansa ne yake buɗe masa imel, akwai wanda sai ya sayi data a ƙarshen mako, akwai wanda ya karanta gayyatar jiya ya rufe, ba zai sake leƙawa ba sai bayan taron.

Ki ɗauki takarda ki jera sunayen 34 ɗin. Mutum 9 da suka amsa su ne na farko, ki kira su yau, domin su ne kika tabbata sun karanta ranar kuskuren sun kuma yi shiri a kanta. Amsar da suka bayar ta Laraba ce, ba za ki ɗauke ta ki ɗora wa Alhamis ba. Ki duba na Maigatari. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, don haka mutumin da ya ce zai zo Laraba da farin ciki, yana iya zama ba zai iya barin shagonsa Alhamis ba. Gara ki ji yanzu, ki gaya wa manaja, ko a ce ya turo wakili, ko a aika masa da bayanin farashi da sauran takardu daga baya. Bayan su sai masu tasowa daga nesa ko da ba su amsa ba. Wanda ke Sabon Gari ko Dawanau, idan ya zo Laraba ya tarar ba taro, kuɗin adaidaita da awa biyu ya yi asara. Wanda ya yi sammako daga Katsina ko Zariya kuwa ya kashe kuɗin mota, ya rufe shago, kuma ko dai ya kwana a Kano ko ya koma ya sake dawowa. Girman asarar mutum shi ne zai nuna miki wanda za ki fara kira.

A wayar ki gaisa yadda ya kamata, ki ce, “Alhaji, na kira ne in gyara ranar taron. Alhamis ce 15 ga wata, ba Laraba ba. A yi haƙuri, kuskuren daga wajenmu ne. Za a samu zuwa?” Ki bari ya maimaita ranar da bakinsa, sannan ki tambaye shi ko ya gaya wa wani, ko akwai wanda suka shirya tahowa tare. Wannan tambayar tana kamo mutanen da ba sa cikin jerinki sam. Idan kuna da zauren WhatsApp na dillalai, ki sa gajeren gyaran a can ma da kalmomi iri ɗaya da na imel, domin akwai yiwuwar wani ya riga ya ɗauki hoton gayyatar ya watsa. Ga waɗanda karatu yake yi wa wuya, saƙon murya na rabin minti ya fi rubutu. Duk wanda kika ji daga gare shi, ki yi masa alama a takardarki. Shiru ba amsa ba ne. Ki kuma duba ko akwai saƙon da ya dawo miki da cewa bai isa ba, wanda a Gmail yake zuwa da sunan Mail Delivery Subsystem, don wannan mutumin ba abin da ya samu, sai waya.

Cikin amsoshin, ba mamaki a samu ɗaya mai zafi. Ki amsa masa shi kaɗai, ko ki kira shi, sau ɗaya: ki ba shi haƙuri, ki tabbatar masa da ranar, ki tambaye shi ko ya riga ya kashe wani abu. Kada ki kare kanki a gaban jama'a, kada kuma ki sake aika wa kowa da kowa wata ban haƙurin.

Bari in ɗan kauce, tunda a kamfanin saye da sayarwa kike, wata rana zai yi miki amfani. Da kuskuren na lambar asusun banki ne ko na farashi, da tsarin ya ɗan sauya. Saƙon da ke cewa “a yi watsi da lambar farko, a tura kuɗi wannan” shi ne ainihin irin saƙon da 'yan damfara suke aikawa, kuma dillali mai hankali ya kamata ya yi shakkarsa. A irin wannan, waya ce take riga imel, daga lambar da suka sani, kuma zai fi kyau manaja ko akanta ya yi kiran. Sai a rubuta lambobi goman asusun tare da sunan bankin da sunan da zai bayyana kafin a tura kuɗin, a ce duk wanda ya ga wani suna daban ya dakata. A kuma tambaya kai tsaye ko akwai wanda ya riga ya biya, a sanar da banki nan take. Na farashi kuwa, ba sakatariya ce take yanke ko za a sayar wa wanda ya riga ya yi oda a kan farashin kuskuren ba, wannan ma na manaja ne. A ɗaya gefen, harafin da ya faɗi ko kalmar da aka rubuta ba daidai ba, matuƙar ba ta sauya abin da mutum zai aikata ba, ba ta bukatar saƙon gyara ko kaɗan. Sunan mutum ko muƙaminsa ne kawai nake cewa a gyara ko da ba ya hana komai, shi ma a wajen mai sunan.

Game da tsoron kada a ce ba ki iya ba, abin da manaja zai gani yau shi ne ma'aikaciyar da ta gano kuskurenta kafin kowa, ta zo da gyara, ta kuma bi mutane har suka ji. Don gaba, ki shiga Settings na Gmail ki mayar da Undo Send zuwa daƙiƙa 30, ki riƙa sa adireshin mutane a ƙarshe bayan kin gama rubutu, kuma duk saƙon da ke ɗauke da rana ko kuɗi zuwa ga mutane da yawa, ki karanta lambobin a bayyane kina kallon kalanda ko rasidi, ko ki ba wani ya duba miki su kaɗai.

Abu na ƙarshe da za ki riƙe shi ne cewa ranar kuskuren ta riga ranar gaskiyar zuwa, saboda haka wa'adinki 14 ga wata ne, ba 15 ba. Tunatarwar da aka saba yi ana gobe taro ba za ta yi amfani a nan ba, domin a lokacin wanda bai ji ba ya riga ya iso. Ki tura tunatarwa ranar Litinin 12 ga wata, layi biyu, da ranar daidai kaɗai, ba tare da sake ambaton kuskuren ba. Ranar Talata ki kira duk wanda har yanzu ba shi da alama a takardarki. Sannan tun yau ki tambayi manaja abin da za a yi idan duk da haka wani ya iso Laraba, ko kamfani zai ɗauki kuɗin motarsa ko masaukinsa, don kada a tsaya ana shawara baƙo yana tsaye a bakin ƙofa. Ki bar wa masu gadin ɗakin taron lambarki, ki ce duk wanda ya zo neman taron ranar Laraba da safe su kira ki, ke kuma ki sa a kawo shi ofis.